Bututun da Ya Ƙi Jan Jini

Bayan an rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan na samu aiki a labo, ɗakin awon jini, na wani ƙaramin asibiti a Arlit. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wani dattijo mutumin Tahoua wanda ya tsufa yana wanke gilashin awo a labon kamfanin ma'adinan. Baba nake ce masa, shi kuma ɗiyata. Daga wannan aikin yake ci da iyalinsa, kuma a shekarunsa ba mai sake ɗaukarsa.

Muna da wasu siraran bututun gilashi da muke ɗibar jini da su daga yatsa. Ba a zuƙa, da bakin bututun ya taɓa ɗigon sai jinin ya shige da kansa. Ba su da yawa, don haka Baba ke wanke su, ya dafa, ya jera a ƙarƙashin farin ƙyalle su bushe. Kafin ya yarda da kowanne sai ya tsoma bakinsa a kofin ruwa. Mai tsabta ruwa yakan hau cikinsa kamar faɗin yatsa biyu, saman ruwan ya lotsa kamar ƙoƙo. Ya taɓa yi mini bayani cewa saman ruwa yana da wata fata mai ɗamewa. Ruwa yana kama gilashi mai tsabta, gefensa ya hau bango, fatar ta jawo sauran har nauyin abin da ya hau ya yi daidai da jan. Bututun da raminsa ya fi ƙanƙanta, cikinsa ruwa ya fi hawa. In kuwa akwai maiƙo, ruwan ba ya kama bango, samansa ya kwanta shafe, hawan ya ragu ko ya tsaya.

Ni mai gaggawa ce tun ina yarinya. Mutane na layi a waje, bututu na kwance yana jiran bushewa, abin yana ci mini rai. Jikin asibitin akwai mai facin taya da injinsa na busa iska. Sai na riƙa fakon idon Baba ina kai masa su yana hure su, nan take su bushe. Har ina yaba wa kaina dabara.

Ba a yi sati ba bututun suka fara gardama. In huda yatsan mace, in kanga bututu, jini ya tsaya a baki. In sake hudawa. Wata mai ciki sai da na huda ta sau uku, mijinta ya kai ƙara. Mai asibitin ya tara mu, ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce idon Baba ya yi rauni, wankinsa ba ya fita.

Baba ya tsoma bututu ɗaya a ruwa a gabanmu, ruwan ya ɗan motsa ya tsaya. Ya ce maiƙo ne, bai ƙara ba. Aka ba shi kwana uku ya gyara. Washegari ya ce mini in bar su su bushe da kansu, na ce masa ai wannan nawar ce ta jawo mana magana. Ban daina kaiwa ba. Da kwana ukun suka cika aka sallame shi.

Ranar da zai tafi ya ninke farin ƙyallensa ya miƙo mini.

"Ɗiyata, ki yafe mini abin da niy yi miki."

Na ce ba komai, kamar ni ce aka yi wa laifi.

Ni na karɓi wankin, bututu kuma bai daina gardama ba. Wata rana ina tsaye wurin mai faci iskar ta bugi hannun farar rigata, ta bar tabo rawaya. Na tsaya ina kallonsa. Mai facin ya ce man inji ne, iskar takan fito da shi kaɗan-kaɗan. Ya ce ai tsohon ma ya zo kwana biyu kafin ya tafi, ya kanga farar takarda a bakin tiyo, ya ga tabon. Baba ya roƙe shi kada ya faɗa wa mai asibitin, don mijina na zaune tun rufe rami, ni ke riƙe da gida.

Na koma labo na ɗauki bututu biyu, wanda aka hura da wanda ya bushe a ƙarƙashin ƙyalle, na tsoma. Ɗaya ya hau yatsa biyu cif, ɗayan ko rabin yatsa bai kai ba. Na zauna na yi kuka.

Na faɗa wa mai asibitin gaskiya, ya yi mini faɗa, ya ce in kira Baba ya dawo. Kunya ta sa na yi ta ɗagawa, yau gobe, har wata biyu. Da na kira, matarsa ce ta ɗauka. Ta ce tari ya kwantar da shi, an yi sadakar bakwai shekaranjiya. Na faɗi ko ni wace ce, ina jiran abin da za ta ce.

"Ke ce ɗiyar tashi ta labo? Kullum shina hwaɗin hannunki na da kyau ga aiki, gaggawa ɗai ta yi miki yawa."