Haladu Ba Ya Kayar da Kowa

Haladu abokina ne, tare muka koyar a firamare a Roni zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa na neman ƙarin karatu. Ubansa mai sasanta manoma da makiyaya ne, kuma a gabansa Haladu ya koyi cewa ba a tashi daga zama an kunyata wani. Wannan tarbiyyar ce ta cinye shi, wallahi.

Mun zauna jarrabawar neman shiga jami'a, ni na samu, shi Tarihi ya riƙe masa ƙafa har sau biyu. Ya ce wannan karon ne na ƙarshe, in bai ci ba ya haƙura. Duk Asabar sai in goya shi a keke zuwa Kazaure wurin Malam Silvanus, malamin Tarihi na sakandare.

Malam ya ba shi tambayar gwaji: yaya girman rawar da zuwan jirgin ƙasa Kano ya taka wajen durƙushewar fataucin Sahara? Haladu ya zuba hujja. Jirgi ya fi raƙumi sauri da araha. Amma tun kafin jirgi 'yan fashi sun addabi ayari, an hana cinikin bayi, kaya sun fara karkata bakin teku. Sai ya rufe da cewa kowane ɓangare da gaskiyarsa, Allah ne masani.

"Malam Haladu," in ji Malam Silvanus, "ka auna, amma ba ka faɗi wanda ya rinjaya ba. Girman rawar ake tambayarka. Ka ce fataucin ya riga ya raunana, jirgi ƙarasa shi ya yi, ka kawo dalili. Ko ka ce jirgin ne babban sanadi. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai."

"Ranka ya daɗe, ni wa da zan yanke hukunci kan abin da manyan masana suka saɓa?"

Haba! Na ce masa raƙumi ba zai kai ƙararsa gun alƙali ba. Ya yi dariya, ya yi alkawarin zai yanke.

Ranar jarrabawa ina bakin ƙofa ina jiransa. Da ya fito na tare shi: "Ka yanke?"

"Na ɗora alƙalami, Lauwali. Sai na ji kamar zan zalunci ɗayan."

Makin da ya samu bai kai shi ko'ina ba, kuma bai sake zama ba. A ajin firamaren nan ya tsufa, har yaron da ya koya wa baƙi ya dawo hedimastansa.

Bayan ya yi ritaya na tambaye shi ko yana nadama. Sai ya ce:

"To, ta wani ɓangaren..."

Na tashi na bar wurin, don kada ya ga hawayena.