Anti Rangwame Ta Sayi Tikitin Hutu

A ɗakin wankin wani asibiti a ƙasar waje, can ƙarƙashin gini inda ba taga, babu wanda ke kiranta da sunan da ke jikin katin aikinta. Anti Rangwame ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Duk wanda zai je gida ganin iyali, sai ya biyo ta wurinta kafin ya taɓa aljihunsa. Za ta goge hannu a jikin rigar aiki, ta karɓi wayarsa, ta yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba.

"Ranar Juma'a za ka tashi? Kai kaɗai ne mai son Juma'a? Buɗe kalandar watan gaba ɗaya ka gani. Matsa zuwa tsakiyar mako, ka yarda a sauke ka a hanya ka canja jirgi. Ga shi nan, ya sauko."

Ita ta koya wa rabin ma'aikatan yadda ake sa alat a manhajar neman tikiti: ka zaɓi inda za ka tashi da inda za ka sauka, ka bar ranar a buɗe, duk sanda farashi ya motsa saƙo ya shigo maka. Ita kuma ta hana su tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan. A tsaya wa ɗaya, in ji ta, a riƙa sa lambar zama memba a kowace tafiya, maki na taruwa har wata rana ya zama tikiti. Wanda ya yi kunnen ƙashi ya sayi mai tsada, ya shiga uku da gorinta har ya je ya dawo.

Ba rowa ba ce, kodayake ta yi kama da ita. Bayan rasuwar mijinta ta baro gida, ta bar ɗanta yana ɗan firamare a hannun yayarta. Abin da take samu a gaban injin guga shi ne abincinsa da makarantarsa, don haka duk abin da ta rage a tikiti, cikinsa ya tafi. Ɗakinta na haya gado ne da kujera guda da ƙaramin firji mai gurnani. A saman kabad akwai akwati a buɗe, tana jefa masa tsaraba kaɗan-kaɗan duk shekara. In ta dawo daga aiki ba mai ce mata sannu. Sau da yawa wayarta kan wuni ba ta yi motsi ba, sai dai alat ɗin nan ya sanar da ita farashi ya hau ko ya sauka, kuma kunya ba ta hana ta jin daɗin ko da wannan ba.

Sai dai jirgi ba ya araha lokacin hutun makaranta, domin a lokacin kowa ke tafiya. Sai yara sun koma aji kujeru ke neman mai zama. A nan Anti Rangwame take zuwa gida. Da yaron ya shiga makarantar kwana, takan iske gadonsa a gyare, ta kwana a kai mako uku, ta kai masa ziyara ranar da aka yarda iyaye su shiga. Su zauna a benci, ya ci abin da ta kawo, ta auna tsawonsa da ido, a kaɗa ƙararrawa. Yayarta yake kira Umma. Ita kuwa Mama ce, kuma yana gaishe ta da ladabin da ake yi wa babbar baƙuwa.

Yaro ya girma, kuma kamar da gayya, ya zama malami a wata makarantar kwana mai nisa da gida. Hutunsa dai na nan inda yake, a tsakiyar tsada.

Bana makinta ya kai tikitin zuwa da dawowa, sai harajin filin jirgi kawai za ta biya da kuɗi. Kamfanin ya aiko cewa tsofaffin makin za su mutu a ƙarshen wata in ba ta yanki tikiti da su ba. Kujerun da ake bayarwa da maki 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, ta yi ta juya kalanda har ta kama ɗaya, mako biyu bayan an koma makaranta. Lokacin cin abincin rana ta fita bayan gini, kusa da inda ake sauke buhunan zannuwa, ta kira ɗanta tana murna.

"Na samu kusan kyauta, ka ji. Shekarun nan da nake tarawa ba su tafi a banza ba."

"Madalla, Mama. Allah ya kawo ki lafiya. Zan roƙi shugaban makaranta ya ba ni wata Asabar in leƙo."

"Asabar ɗaya?"

"To ai haka muka saba," ya ce, ba da zafi ba, har da 'yar dariya. "Ke ai ba a ganinki sai ba na nan."

Ta koma bakin injin. Ta ninke zanin gado ɗaya sau biyu ba ta sani ba. Da a ce da fushi ya faɗa, da ta sami abin da za ta mayar masa, ta lissafa masa takalma da littattafai. Amma ya faɗe shi ne yadda ake faɗin abin da kowa ya sani, kuma wannan ne ya yi mata ciwo.

Da aka tashi ba ta wuce tashar bas ba. Ta zauna a ɗakin canja kaya, ta saki kujerar nan da ta sha wahalar samu, ta buga ranakun hutunsa. Kujerar maki babu ko ɗaya, an kwashe tun watannin baya. Farashin kuɗi kuwa ya ninka wanda ta saba biya. Abin da ya rage shi ne ta zuba makin a rage mata wani abu daga kuɗin, hanyar da ta sha gaya wa mutane asara ce, domin a nan maki ba ya daraja. Wata abokiyar aikinta da ke ɗaura takalmi ta leƙo allon wayar, ta dube ta.

"Anti, ke ce kuwa? Ranar Juma'a fa kika zaɓa."

"Na gani," ta ce, ta danna.

Tarin shekaru ya tafi a rangwamen da bai kai rabi ba. Ta hau bas tsakanin tsoron abin da ta kashe da ɗoki. Sai da ta shiga ɗaki ta zauna a kujerarta, sannan ta sake kiransa.

"Na fasa waccan. Ranar da za ku yi hutu zan sauka, kuma sai kun koma zan tafi."



"A hutu? Mama, kin san kuɗin jirgi a lokacin kuwa?"

"Ni za ka gaya wa?"

Ta ji ya tashi daga inda yake, hayaniyar ɗalibai ta yi nisa, wata ƙofa ta rufe. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Mama, kada ki ɓoye mini. Me likita ya ce miki?"

"Wane likita? Lafiyata ƙalau. Kai nake son gani."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To," ya ce a hankali, kuma ta ji bai yarda ba. "Bari in kira Umma in tambaye ta."