Mayafin wankin Halidu

Halidu mai wanki yana da ɗabi'a ɗaya da duk unguwar Wadata ta san shi da ita: kayan da ya ɗauka ran Talata, ran Alhamis kafin la'asar suna gidan mai su, a wanke, a goge. Mutumin Dogon Dutsi ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ya zo Yamai cin rani da niyyar komawa da damina, sai damina ta yi ta saɓa alkawari, shi kuma ya zauna. Hannuwansa sun yi fari fat don sabulu, kuma in kana masa magana wuyan rigarka yake kallo.

Ba ya ƙirga tufa ɗaya-ɗaya kamar sauran masu wanki. Yakan ba kowane gida mayafi, tsohon zane mai ƙwari. Abin da mayafin ya ɗauka har kusurwoyinsa huɗu suka haɗu aka ɗaure, shi ne wankin gidan na mako, kuma a kansa aka yi jinga ta wata. Da wannan awon yake sanin yawan gidajen da hannu biyu za su iya fitarwa daga Talata zuwa Alhamis.

A cikin gidajen nan har da ɗakin Baba Illo, tsohon ɗan aiken ofis da ya yi ritaya. Shi ne ya ba Halidu wurin kwana a zaurensa lokacin da ya iso birni bai san kowa ba. Ƙunshin Baba Illo ko yaro ya ɗauka da hannu ɗaya, amma a ciki akwai babbar rigarsa fara, ita kaɗai gare shi, ta zuwa Juma'a.

A shekarar da kogin Isa, babban kogin da ya ratsa Yamai, ya janye har mutane suna taka ƙafa su ƙetare a ƙarƙashin gada, wanki ya zama wahala. Sai an yi tafiya cikin rairayi mai zafi kafin a sami kududdufi, a can kuma ga masu wanki, ga shanu, ga masu lambu da gwangwanayensu. A shekarar ne Halidu ya sami gidan Madam Balkisa, matar wani kaftin na soja. Abokan sana'a suka taya shi murna, suka kuma ja masa kunne cewa a zamanin nan ba a cewa matar mai kaki a'a.

Madam ba muguwa ba ce, kowa ya shaida. Fari ya koro danginta daga ƙauyukan Zarmaganda, gidan ya cika har baranda, kowa kuma da tsummansa. Tana kiran Halidu Baban wanki, tana sa a zuba masa shinkafa. Sai dai in ya ɗaure ƙunshi zai fita, takan biyo shi da murmushi da wani abu a hannu, wai ɗan wannan kawai. Ɗan wannan ya fara da ɗankwali, ya zama zanen gado, ya zama labulen falo. Halidu yana karɓa yana cewa ba komi, alhali da komi.

Wata Talata ya tarar an riga an ɗaure masa ƙunshin, kusurwa huɗu sun haɗu lafiya lau, amma da ya ɗora a kai sai da wuyansa ya amsa. A bakin ruwa ya kwance ya duba. Ashe Madam ta sa an ɗinka wa mayafin ƙarin ƙyalle ta gefe biyu, ɗinki mai kyau kuwa, na keke. Masu wanki suka yi ta dariya, suna cewa mayafin Halidu ya sami abinci a gidan soja ya yi ƙiba. Shi ma ya yi dariyar, ya hau aiki.

Bargo biyu da labule suka cinye masa Laraba. Kakin kaftin mai son sitaci ya cinye masa safiyar Alhamis, ga gawayin dutsen guga yana ta mutuwa. Ya bi gidaje da sauri har magariba, rigar Baba Illo kuwa tana jiƙe a bokiti. Sai bayan an sauko Juma'a ya kai ta. Ya sami tsohon zaune a ɗaki da 'yar shara, rediyo a gefe. Tsohon bai yi faɗa ba, ya ce dama ƙafarsa ke ciwo shi ya sa bai je masallaci ba. Halidu ya san ƙafar nan lafiyarta ƙalau, da ita tsohon ke zuwa kasuwa kullum. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Ran Talata ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gidan kaftin. Ya riga ya zauna da reza ya warware ɗinkin a hankali, ya wanke ƙyallen biyu, ya goge, ya ninke. Ya gaishe da Madam, ya tambayi maigida da baƙi, ya jira har ta sallami mai aikinta, don ba ya so a ji. Sannan ya durƙusa ya ajiye ƙyallen a gabanta, ya shimfiɗa mayafin yadda yake tun farko.

Ya ce, "Madam, ga ƙyallenki na wanke miki. Jingarmu a kan wannan mayafin muka yi. Abin da ya ɗauka, Alhamis yana hannunki in Allah ya yarda. Abin da ya ragu ban ƙi shi ba, amma ƙunshi na biyu ne, da nasa lada, kuma sai Litinin. In kina sauri, akwai Abdu abokin aikina, hannunsa da tsabta, sai in turo shi."

Madam ta dubi ƙyallen, fuskarta ta canza. Da Hausarta ta 'yan Yamai ta tambaye shi ko ya manta gidan wa yake. Halidu ya san gidan nan shi ne rabin abincinsa, ga soja tsaye a bakin ƙofa da bindiga. Duk da haka ya amsa mata.

"Ban manta ba, Madam, gidan manya ne. Sai dai akwai wani tsoho da bai je Juma'a ba saboda labulenki, kuma ni na jawo, da na karɓa ban yi magana ba. Ke za ki zaɓi abin da zai shiga, ni in ɗaure."

Halidu har ya fara tunanin ta inda zai fita. Can sai ta jawo kayan ta fara zaɓe da kanta: kakin kaftin, kayan lakwal, wato makaranta, na yara, zannuwan tsofaffin da suka zo daga ƙauye. Nata leshin ta ture gefe, ta ce Abdun ya zo gobe. Halidu ya haɗa kusurwa huɗu ya ɗaure, ya yi godiya. Daga ranar ba ta sake ce masa Baban wanki ba, shinkafar ma ta tsaya, kuma abin ya ɗan yi masa ciwo. Gidan dai bai kuɓuce masa ba.

Alhamis tun kafin azahar ya kai wa Baba Illo rigarsa. Washegari a masallaci Halidu ya sami wuri a sahu na bayansa. Rigar fara tas, layin ninkin guga a miƙe daga kafaɗa har ƙasa. Da aka sallame, tsohon ya waiwayo ya ba shi hannu, ya ce masa ƙafar ta yi sauƙi.