Hawan Shafa'i Nawa Ne

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, majalisar 'yan karta ta bakin tashar jirgin Ƙaura ta watse, maigidana ya rasa inda zai sa kansa bayan la'asar. Ba ɗan caca ba ne, Allah ya sani, wasan kawai yake so da surutun da ke cikinsa. Ma'aikacin reluwe ne, jirgin kuma ya daɗe da rage zuwa, saboda haka ya dawo mini gida yana zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya buɗe tukunya, ya gyara igiyar shanya da ba ta lalace ba. Har na ce, “Malam, don Allah ka samo abin yi, ka ishe ni.”

Ya kuwa samo. Wata ranar kasuwar Shinkafi ya dawo da wani allon roba shuɗi da ya tsinta cikin kayan gwanjo. A tsaye ake kafa shi, duk jikinsa huji. Layi bakwai ne daga gefe zuwa gefe, kowane layi hawa shida, ga ƙwayoyi ja da rawaya. Ta sama ake sakin ƙwaya, ta gangara ta zauna kan wadda ta riga ta. Wanda ya fara jera huɗu, a kwance ko a tsaye ko a karkace, shi ya ci. Jera-huɗu muka sa masa. Malam ya kai wa limamin unguwa ya gani, liman ya jujjuya shi ya ce in dai ba a sa komai a kai ba, kuma ba ya hana salla, shi bai ga laifi ba.

Abokansa sukan zo zaure su buga, amma ni ce abokiyar wasansa ta kullum. In na sauke tuwo sai mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, yara na makarantar allo, gida shiru sai ƙarar ƙwaya, ƙwas, ƙwas. Shi ke riƙe ja, kuma ja ke farawa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Wanda ke fara sa hannu a akushi ai shi zai fara sa ƙwaya.

Na sha kashi, wallahi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba farat ɗaya yake cinye ni ba. Zai jera uku, ya bar gurbin na huɗun yana rataye a sama, ƙarƙashinsa ba kowa. Ina ganinsa sarai. Na san in na sa ƙwaya a ƙarƙashin gurbin nan zai ɗora tasa ya ci, sai in yi ta gudun layin. Allo ya yi ta cika, ya yi ta cika, a ƙarshe ba sauran wuri sai nan, kuma kullum ni ce mai sawa. Ya yi ta dariya har da buga cinya.

Wata rana na ture allon na ce ha'inci yake yi. Sai ya tausaya mini. Ya ce in ƙirga hawan daga ƙasa: na ɗaya, na uku da na biyar wutiri ne; na biyu, na huɗu da na shida shafa'i. Ya ce, “Kowane layi shida na, biyu-biyu. In ni mai farawa na rataye gurbina bisa hawan wutiri, to in allo ya cika ke za ki sa ƙarƙashinai, ko kin so ko kin ƙi. In na rataye shi bisa shafa'i, ni za ya kama, in sa ƙasa ki toshe. Shi ya sa ba ki taɓa ganin na ɓata lokacina can ba.”

Bai san ya ba ni wuƙa ba. Ina tankaɗe ina tunani: in wutiri nasa ne, to shafa'i na wa? Na lura in duk layukan sun daidaita, wato guraben da suka rage a kowanne biyu-biyu ne, kuma shi ne da sawa, to duk inda ya sa in na ɗora tawa a kai, shi wutiri zai yi ta samu, ni shafa'i, har allo ya cika. Ba a fara wannan tun daga farko, don sai ya jera huɗunsa a hawan ƙasa kina kallo. Sai kin fara tsare shi, kin hana shi rataye gurbi a wutiri, domin in ya samu ɗaya a wani layi daban, naki ya tashi a banza. In kin hana shi, kin kuma kafa ukunki da gurbi a hawa na biyu ko na huɗu, shi ke nan, sai bi.

Ranar da na fara cinye shi haka, ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, “Wanga ba wasa ba na, kwaikwayo na. Inda na taka nan kika taka.” Daga ranar ya sa mini Mai-bin-sawu. Ko ruwa zai ce in kawo, sai ya ce, “Mai-bin-sawu, a taimaka.” Ina jin daɗin sunan nan, ban dai taɓa gaya masa ba.

Damina biyu bayan haka ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da muka dawo daga asibiti, in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba, ya yi ta ƙoƙari har hawaye su zubo. Masu dubiya suka fara magana a kansa yana zaune, kamar ba ya wurin. Ni na san yana ji. Idonsa nake gani. Amma na ɗauke allon na jefa bisa kwaba, don ganinsa ma tayar mini da hankali yake yi.

Sai ga Yaya daga ƙauyensu na wajen Zurmi, da motar haya. Yaya wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma maganarsa ba a mayar da ita a danginsu. Ba mugu ba ne. Ya zauna gaban ƙanensa ya yi masa tambayoyi, bai samu amsa ba, ya share ido da bakin rawani. Sannan ya kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, “Hankalinai ya tafi. Mace ba ta iya jinyar wanda bai san inda kanai yake ba. Zan tafi da shi gida cikin 'yan'uwanai. Ke ki koma Banga wurin iyayenki da yara, har mu ga abin da Allah za ya yi.”

Na ce, “Yaya, wallahi yana ji, yana ganewa.”

Ya ce, “So na ka sa ki faɗin haka.”

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na tashi in haɗa masa kaya, ina jawo jakarsa daga bisa kwaba allon ya biyo ta ya faɗo, ƙwayoyi suka watse a tsakar ɗaki. Malam ya yi wannan sautin nasa da ƙarfi, yana buga tabarma da hannun hagu. Yaya ya san wasan, sukan buga in ya zo yawon salla. Ya ce a kawo, ko don a yi masa na bankwana.

Na kafa allon, na tara wa Malam ja a gabansa kamar kullum. Ya sa bayan hannu ya tura su gaban wansa, ya jawo rawaya. Ladabi ne, na sani, ƙane ba ya riga wansa. Amma wasannin da suka yi a da a zaure suka yi su, ni ban taɓa ganin Malam ya buga na biyu ba.

Da hagu Malam ke sawa, wata ƙwayar sai ya yi ta lalube kafin ta shiga. Duk da haka ya toshe Yaya a hawan ƙasa, ya sake toshe shi a na uku. Can na ga rawaya uku sun kwanta a hawa na huɗu. Ɓangare ɗaya Yaya ya rufe. Ɗaya ɓangaren, a layin ƙarshe na gefe, gurbin na rataye, ƙwaya biyu kawai ke cikin layin. Yaya ya gani, ya ce, “Af, nan ba ni zuwa.” Shi ma ya jera ukunsa a karkace, ya gyara zama yana jira. Na ƙirga gurbin nasa a zuci. Hawa na huɗu ne, shafa'i. Na duba sauran layukan, duk sun daidaita, kuma Yaya ne da sawa.

Yaya ya sa, Malam ya ɗora a kai. Ya koma wani layi, Malam ya bi shi ya ɗora. Haka, haka. Yaya ya juyo ya dube ni da tausayi ya ce, “Kin gani ko? Kwaikwayo ɗai yake yi, awa ƙaramin yaro. Inda na sa nan yake sawa.”

Na toshe bakina da gefen mayafi. Ban san ko dariya ce za ta fito ko kuka ba.

Wuri ya fara ƙarewa. Dole ta sa Yaya ya sa ƙwaya ƙarƙashin gurbinsa da yake ta jira, Malam ya cike shi da rawaya. Suka ƙarasa layin. Sai Yaya ya ɗaga ƙwaya yana neman inda zai sa, ya bi saman allon da ido daga wannan gefe zuwa wancan. Ko'ina ya cika sai layin nan da ya ce ba ya zuwa. Malam ya miƙa yatsa a hankali ya ƙwanƙwasa gurbin hawa na uku, wato ga wurinka. Sannan ya ɗaga yatsan zuwa na huɗu, ya nuna ƙirjinsa.

Yaya ya saki ƙwayar. Rawaya ta bi ta, ƙwas.

Yaya ya dubi rawaya huɗun da suka jeru. Sannan ya kama hannun ƙanensa, wanda ya shanye ɗin, ya riƙe. Ya ce, “Ashe kana nan. Kana jin duk abin da nike faɗi?” Malam ya gyaɗa kai. Yaya ya ce, “Kana son zuwa gida?” Malam ya girgiza kai, ya dube ni. Yaya ya tashi ya fita zaure, na ji yana ce wa direba su kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.

Malam ya yi shekaru a ɗakin nan tare da ni. Kalmomi kaɗan suka dawo, Mai-bin-sawu ba ta cikinsu, kuma har yau ina kewar jin ta.

Amma a ranar, da ƙarar motar ta ɓace, ya zare sakatar ƙasan allon ƙwayoyi suka zube bisa tabarma. Ya ware su da hannu ɗaya, ya turo mini ja. Na ce, “Malam, ni ban iya farawa ba.” Ya ƙara turo su har suka taɓa gwiwata. Na ɗauki ɗaya na saka a layin tsakiya. Ya ɗauki rawaya, ya ɗora a kan tawa.