Wasiƙar da Suwaiba ta rubuta wa Malam Labbo

Ni Hassana ba ni da haƙuri, kowa a makarantarmu ya sani. In na rubuta wa mutum takarda, layi biyu ne, ya ji haushi ko kar ya ji, ruwansa. Shi ya sa da aka yi ni mataimakiyar Malama Suwaiba, na ce to, an haɗa wuta da ruwa a ofis ɗaya. Makarantar al'umma ce a Damba, cikin Gusau, masu unguwa suka gina ta, kwamitin iyaye ke riƙe da ita. Suwaiba ce shugaba.

'Yar Karakkai ce ta ƙasar Bungudu, ɗiyar manomi. Har yau in damina ta faɗi za ka ga hankalinta ya rabu biyu, rabi yana ofis, rabi yana gonar gero. Ba ta da tsawo, ba ta ɗaga murya, kuma tana da wani hali da ke ba ni haushi: sai ta karanta takarda a bayyane kafin ta sa hannu, kamar mai ita yana zaune gabanta. Na taɓa ce mata, "Ke wai wasiƙa ce ko zance kike zuwa?" Ta yi dariya ta ce ai duk ɗaya ne, fuskar mutum ce kawai ba ka gani.

Wallahi kuma ta iya. Takardar ma'aikatar ilimi da Turanci take tafiya, ta bi ta hannun wanda ya dace, ba ƙari ba ragi. In malamai matasa za ta rubuta wa, sallama ce gajera sai magana. In kuwa shugaban kwamiti ne, Alhaji Tajuddeen, sai ta fara da "Ranka shi daɗe", ta gaida shi da iyali, kuma ba za ka taɓa ganin "a kawo" ko "a yi" ba, sai "muna neman alfarma". Akwai Baba Elisha, dattijon Kirista da ya yi ritaya daga aikin gwamnati yake duba mana ɗakin gwaje-gwaje. Shi ba ta jera masa Larabci, sai ta rubuta "Baba, Allah ya ja kwana," ta tambayi matarsa Mama Dibora da ciwon ƙafarta. Ko zama ɗaya za a kira, takardar dattawa daban take da ta yara. Na ce mata wahalar banza ce, ta ce to ni ban sa ki ba.

Mutum ɗaya ne alƙalaminta ya yi rawa a kansa, shi ne Malam Labbo.

Malam Labbo mutumin Tsafe ne. Shi ya koyar da ita a firamaren Karakkai, shi ya ɗora ta bayan kekensa ya kai ta Bungudu jarrabawar shiga sakandare ranar da mota ta ƙi zuwa. Rubutun wasiƙar nan ma da take taƙama da shi, a ajinsa ta koya, da jan biro a kan kowane layi. Da ya yi ritaya ya dawo Gusau wajen ɗansa, ita da kanta ta je ta roƙe shi ya riƙe mana Hausa a aji shida. Ga shi dai a takarda ma'aikacinta ne, amma ko a gaban ɗalibai "Suwai" yake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kama sunansa ba, sai "Baba Malam".

To, sai kunnen Malam ya fara tafiya. Yaro ya ba da amsa daidai, Malam ya ce ba haka ba ne. Yara kuwa ba su da tausayi, suka gano. Wata rana ina wucewa na ji ana kiran sunayen abinci daga bayan aji, ana ƙyalƙyala dariya, shi yana ta rubutu a allo bai sani ba. Na shiga na zazzage su tas, na fito. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Iyaye suka kai ƙorafi, kwamiti ya zauna. Aka yanke cewa daga sabon zango Malam zai bar aji, wani matashi Mannir ya karɓa, shi kuma a bar shi yana duba littattafan shirin darasi na malamai in yana so. Aka ce shugaba ta sanar da shi a rubuce, a ajiye kwafi.

Suwaiba ta rubuta. Kai, na ga wasiƙa! Sallama, addu'a, tarihin Karakkai, keke, jan biro, albarkar da muke ci a inuwarsa. Can ƙasa ta ce makaranta tana fatan Baba zai samu sauƙin ɗawainiya, ya riƙa haskaka wa malamai hanya. Na karanta na ce, "Ina wurin da kika ce ya bar aji?" Ta ce, "Zai gane." Na ce, "Ni da nake da kunne biyu ban gane ba." Ta sa a ambulan ta ba ɗansa ya kai masa.

Ranar da aka dawo hutu, ana buga ƙararrawa sai ga Malam Labbo da farar rigarsa da alli a aljihu. Ya wuce aji shida kai tsaye. Mannir na tsaye bakin ƙofa da littafinsa, ya durƙusa ya gaida shi ya ja baya. Ni kuwa na faɗa ofis ko sallama babu, na ce, "Ga abin da ladabinki ya haifa, sai ki fito ki gani."

Kafin azahar Alhaji Tajuddeen ya iso. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne mai son a gama abu. Ya ce, "Malama, in nauyi kike ji, ba laifi. Ni sai in rubuta da sunan kwamiti, maigadi ya miƙa masa a ƙofa da safe." Na dubi Suwaiba. Ta san abin da hakan ke nufi: a tare malaminta a bakin ƙofa, gaban yaran da ke yi masa dariya, a ba shi takarda ya juya gida. Ta ce, "Ranka shi daɗe, a yi mini alfarma zuwa gobe. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Aka tashi yara, ita ba ta tashi ba. Na zauna ina cin gyaɗa ina kallonta tana yaga takardu. Ta rubuta "ana sanar da kai", ta ce subhanallahi, wannan ai ɗan aike ake faɗa wa haka. Ta rubuta "in Baba ya ga dama", ta soke da kanta, ta ce ƙarya ce, ba a bar masa zaɓi ba. Na ce, "To ki zaɓi ɗaya mana, ko shugaba ko ɗiya." Ta ce, "Duka biyun nake, Hassana, kuma duka biyun za su sa hannu."

Wadda ta fito a ƙarshe ba ta cika shafi ba, kuma a kan takardar makaranta mai hatimi take. Bayan kwanan wata ta rubuta cikakken sunansa da "Alhaji Malam" a gaba. Sai sallama, sai "Ranka shi daɗe, Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya." Daga nan ba ta yi kwana ba: "Kwamitin makaranta ya yanke shawarar cewa daga ranar Litinin mai zuwa Baba zai ajiye koyarwa a aji shida, Malam Mannir zai karɓa. Dalili shi ne raunin ji da ya samu Baba. Ina cikin zaman, kuma na amince da hakan." Sannan ta roƙi alfarmar ya karɓi duban littattafan malamai, ta nemi gafarar wasiƙar farko da ba ta fito da magana ba. A ƙasa ta sa "Ɗiyarka," ta sa hannu, ƙarƙashinsa kuma "Shugabar Makaranta." Layin nan na "na amince" shi ya fi ba ta wuya, na ga ta daɗe a kansa.

Ba ta ba kowa ba. Bayan la'asar muka hau Keke Napep zuwa gidan ɗansa, muka same shi a zaure kan buzu. Ta cire takalmi tun daga waje, ta durƙusa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta miƙa da hannu biyu. Ni ina gefe ina ta addu'a a zuci, don na san in Malam ya yi fushi ya ce ya yafe ta, Suwaiba ba za ta ƙara zama daidai ba.

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya sake komawa farko. Sai ya laluba aljihu, wallahi tallahi, ya zaro jan biro. Ya bi layi-layi bai taɓa komai ba, ya yi maki ɗaya a ƙasa.

Ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Suwai, ta farkon na gane ta sarai. Na san kunnena. Amma mi na koya miki? Wasiƙar aiki ta faɗi abin da ya kawo ta. Kin lulluɓe ni da yabo kamar wanda ba ya iya ɗaukar magana. Shi ya sa na zo aji, in ga ko za ki iya dubana ki faɗa." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. "Wannan ita ce girmamawa. Ku tashi ku tafi, magariba ta kusa."

Muka yi masa sallama, muka kama hanya.

Ranar Litinin Malam ya zo da wuri. Bai nufi aji ba, ofis ya yi sallama ya tsaya sai da aka ce ya shigo, abin da bai taɓa yi ba. Suwaiba ta zabura za ta bar masa kujera, ya ɗaga hannu ya hana. Ya ajiye alli a kan teburinta, da rajistar aji shida, da takarda guda da ya rubuta da hannunsa, ya fita neman Mannir.

Ta buɗe za ta karanta a bayyane kamar yadda ta saba. Na leƙa ta kafaɗarta. Amsa ce ta aiki, tsaf, da kwanan wata da komai, yana cewa ya karɓi hukuncin kwamiti kuma ya karɓi sabon aikin. A sama, inda na zaci zan ga "Suwai", mutumin da ya goya ta a bayan keke ya rubuta: "Ranki shi daɗe, Shugaba."

Ta ajiye takardar a kan tebur, hawaye suka zubo mata. Na tashi na rufe ƙofar ofis don kar yara su gani, na zauna muka yi kukanmu tare.