Buhu Ukun Da Na Rasa A Sito

Shekarar da na bar koyarwa, aka ba ni kuɗin sallama, sai na ga ai hankali shi ne in zuba su a harkar masara da Yayana yake yi a kasuwar Ƙanƙara. Shi ya kawo buhu goma da suka kwana masa a sito, ni na kawo kuɗi, muka ce riba rabi da rabi. Shi zai riƙa zuwa sari Faskari da Sabuwa, ni kuma in riƙe littafi, tunda ni ne na yi boko. Wannan bokon na sha tuna masa da shi, ko bai tambaya ba.

Bayan wata shida na zauna da biro. Mun sari buhu arba'in a kan dubu talatin-talatin, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan. Ciniki ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da ashirin da biyar. Na cire wannan daga wancan, na ga dubu ashirin da biyar. Wata shida ana cin ramukan hanyar Sabuwa a kan dubu ashirin da biyar! Raina ya ɓaci, na sami Yaya a rumfa yana auna wa wata mata tiya biyu.

Bai ma ɗago kai ba. Ya ce abin da aka saro daban, abin da aka sayar daban, in je in ƙirga na sito tukuna. Na ji kunya, don na koyar da wannan a allo, amma ban nuna ba. Na je na tarar da buhu goma sha biyu. Goman farko, waɗanda shi ma talatin-talatin ya saye su, a haɗa da arba'in, hamsin. A cire sha biyun da suka rage, talatin da takwas ne suka fita, kuɗinsu miliyan ɗaya da dubu ɗari da arba'in. Riba ta tashi dubu tamanin da biyar.

Da mai hankali ne ni, da nan na tsaya na yi godiya. Sai na tuna dubu talatin da biyar muke sayar da buhu, na raba cinikin, na ga kuɗin buhu talatin da biyar ne cif. Talatin da takwas sun bar sito, uku ba su zama kuɗi ba. Gaskiya daɗi na ji, irin daɗin malamin da ya kama mai satar amsa.

Ban tambaye shi ba. Na ɗauki littafina na hau mashin sai Ketare wajen Inna, mahaifiyarmu, na sa aka kira shi. Na karanta musu lissafin daki-daki, har da nuna layi da yatsa ga mutum biyun da ba su karanta boko. Ban ce sata ba, amma na bar mata wurin zama a maganar.

Inna ce ta yi magana. Ta ce, "Malam, tuwon da kake ci tun kahin azumi, daga ina kake zaton yake hitowa?"

Na ce daga rumbuna mana. Ta ce rumbuna ya ƙare tun tuni, fansho kuma bai fara zuwa ba, matata ta rasa yadda za ta gaya mini sai ta gaya mata. Ita Inna ta gaya wa Yaya. Shi kuwa, kamar yadda babban wa yake yi a gidanmu, duk ranar kasuwa sai ya aika tiya biyar ta hannun matarsa, ya ce kada in sani. Tiya biyar sau mako ashirin da huɗu, ɗari da ashirin. Buhu yana cin arba'in. Wannan ban buƙaci biro ba.

Nan a gabansu na gyara. Ukun nan ba a sayar ba, don haka ba sa cikin kuɗin kayan da aka sayar, ɗiba ce ta mai kaya. Talatin da biyar suka rage, miliyan ɗaya da dubu hamsin, riba dubu ɗari da saba'in da biyar. Na rubuta buhu uku a ƙarƙashin sunana. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ya ƙara da cewa ai shi ma niyyarsa a cire daga rabonsa, ya dai rasa yadda zai sa in rubuta ba tare da na sani ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, tiya biyar ta iso gidana kamar kullum. Wannan karon a bakin ƙullin akwai 'yar takarda da ajamin Yaya: masara tiya biyar, gidan Malam, a sa a littafi. Har yau muna harkar tare, lissafinmu bai ƙara kuskurewa ba, kuma bai ƙara ba ni ko goro ba sai da takarda.