Mudun Inusa a Wasan Kara

Inusa ma'aunin hatsi ne a kasuwar Matameye, a zamanin da ƙasar ke hannun Damagaram, kafin zuwan Nasara. Mata da manoma ke kawo masa gero ya auna ya sayar musu, su ɗan tsakura masa ladansa. Ba shi da wata gonar kirki. Yardar mutane ita ce abincinsa, da shi da matarsa da ƴaƴansa. Ƙanwarsa Takawa ita ce kakata, kuma daga bakinta na ji labarin. Har ta tsufa, in ta zo kansa sai ta yi tsaki, ni ma na gaji tsakin.

Bayan an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, garin kan yi wasan kara. Da la'asar ake taruwa a dandali, talakawa su kwaikwayi alƙali da fatake da ƴan kasuwa, da takubba da sanduna na karan gero. Gwanin gari a wannan fage Illa ne, wani majemi. Illa kan ɗauki abu guda a jikin mutum, ko tumbi ko ɗingishi ko murya, ya hura shi har ya cika fili. Yana yi yana satar kallon jama'a, yana kashe musu ido, wato ku gane ni ne dai Illanku. Kada in zalunce shi, ya iya. Ya san inda zai dakata dariya ta sauka kafin ya ɗora, kuma na can ƙarshen taro ma yana gane abin da yake yi.

Inusa ba haka yake yi ba. In aka ba shi wani ya kwaikwaya, sai ya kwana biyu yana tambayar kansa: me mutumin nan yake so, me yake tsoro? Muryar da tafiyar daga baya suke zuwa da kansu. Takawa ce mai duba masa a tsakar gida, kuma ba ta da sassauci.

"Yaya, ka yi ƙarya," in ji ta. "Ina magana kana jiran in gama ka faɗi taka. Ba saurarona kake ba."

Ita a wurinta ba a bakin ɗan wasa ake gane gaskiyarsa ba. A dubi hannunsa, ko yana aikin da mutumin zai yi ko yana rawa don a gani. A dube shi lokacin da wani ke magana, ko maganar tana shigarsa ko ya tsaya kamar turmi. A dubi idonsa, ko yana kan abokin wasansa ko yana roƙon taro su yi dariya. In ka manta sunansa na yanka ko da na ɗan lokaci ne, to ya iya.

Shekaru ana ba Inusa ƙananan wurare, mai riƙe jakin fatake, mai ba da shaida. Mutane ba sa ko lura da shi, domin ba ya ihu. Abin na cin ransa. Sai wata kaka Illa ya kwanta da ciwon ƙafa, aka rasa mai yin ma'auni macuci, aka ce Inusa ya yi, tunda sana'arsa ce.

Bai cusa tsumma a riga don yin tumbi ba, bai shafa toka a fuska ba. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna da mudunsa. Ya riga ya gane cewa macuci ba ya ganin kansa ɓarawo, gani yake ya fi kowa wayo kuma iyalinsa yake nema wa. Saboda haka ya yi shi mai fara'a. In yana sayen gero, sai ya girgiza mudun ya danna, ya tare bakin da tafin hannu tozon ya ƙaru. In yana sayarwa, sai ya zuba sakwa-sakwa, babban yatsansa na cikin mudun yana cin wuri, bakinsa kuwa na tambayar mai saye lafiyar yara da jikin tsohuwa. Da mai sayen ya ce kamar awon bai cika ba, Inusa bai zaro ido ba. Ransa ya ɓaci kamar wanda aka yi wa ƙazafi, ya ƙara masa ƴan ƙwayoyi yana kau da kai, har mai sayen ya ba shi haƙuri.

Ba wanda ya yi dariya. Takawa ta ce ta nemi yayanta a wurin ta rasa, macucin kawai take gani. Ta koma gida tana murna.

Ranar kasuwa ta zo, tabarmar Inusa ba kowa. Inna Baiwa, tsohuwar da ta shekara da shekaru tana kawo masa geronta, ta wuce shi da ƙwarya a ka.

"Inna, lafiya? Ga ni nan."

"Na gan ka, ɗan nan. Na kuma ga yatsanka ran wasa."

"Haba Inna, ai wasa ne!"

"Wasa mun san shi, na Illa ne. Kai hannunka ya saba. A ina ka koya in ba ka yi?"

Ya rantse cewa a kasuwa ya gani wajen wasu, ido gare shi. Ta gyaɗa kai ta yi gaba. Wannan fa shi ne abin haushin. Illa ya kwaikwayi ɓarayi da mashaya ba adadi, ba wanda ya taɓa ɓoye akuyarsa don shi. Mutumin da ya yi abin da kyau sau ɗaya tak, shi aka hukunta. Rani ya shiga, gidan Inusa ana kwana da kunu tsararo, matarsa ta koma yi wa maƙwabta daka don a ba ta tsaki da dusa.

Da kaka ta zagayo, da kansa ya je ya roƙi a sake ba shi wasan ma'aunin. Takawa ta tarar da shi yana cusa tsummoki a cikin riga.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Abincin yara ne, Takawa."

Ya fito da tumbi kamar tulu. Ya tsoma hannu har gwiwa a mudun, ya zubar da geron, ya faɗi a kai, ya tashi yana kashe wa jama'a ido. Dandali ya kece da dariya, mata na riƙe ciki. Takawa ta tashi ta bar wurin tun ba a gama ba, tana hawaye don takaici.

Kasuwa ta gaba Inna Baiwa ce ta fara sauke ƙwaryarta a gabansa.

"Ashe mun ɗauki alhakinka, ɗan nan. Kai ko cutar ma ba ka iya ba."

Ya ce, "Haka ne, Inna," ya ɗauki mudu ya auna mata.

Daga nan abinci ya dawo gidan. Kowace kaka yakan ɗaura tsummansa ya faɗi a ƙasa a yi dariya, kuma bai ƙara kiran Takawa ta duba masa wasa ba. Ranar da ya rasu ta zauna karɓar gaisuwa, tana jin mata suna yabonsa. Suka ce Allah ya jiƙan Inusa, mutum ne mai amana, mudunsa cikakke. Wasa kuwa, in ji su, ya dai yi ƙoƙari, amma bai kai Illa ba.